Darasin Intabiyu: "Me Ya Sa Za Ka Bar Aikin Da Kake Yi?"

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu muna haɗa karatu da aiki, musamman 'yan ajin yamma da na ƙarshen mako. Wani yana kanti, wani yana koyarwa a makarantar kuɗi, wani kuma inda ya yi zaman sanin makamar aiki ne suka riƙe shi. Ranar da takardar difloma ta zo hannu muka fita neman wuri na gaba, akwai tambayar da ke jiranmu: "Kana da aiki, ana biyanka, me ya sa za ka bari?"

Ba labarin maigidanka mai tambayar yake so ya ji ba. Abu biyu yake aunawa: shin korarka ake shirin yi, ko kuwa kai mai yawan ƙorafi ne? Duk abin da ka faɗa a kan wanda kake wa aiki yau, ya san shi za ka faɗa a kansa gobe. Ga shi kuma sau da yawa sai sun kira tsohon wurin naka kafin su ba ka takardar kama aiki.

Bari in kawo misali da wata 'yar ajinmu. Shekara uku tana riƙe da littafin kuɗi a wani kantin sayar da kaya a sari, albashi bai taɓa wuce ƙarshen wata ba. Ta nemi aikin akanta a wani kamfani, muka zauna a ƙarƙashin bishiya muna gwaji. Amsarta ta farko ita ce: "Wallahi wurin ba ci gaba. Komai da hannu ake rubutawa, Alhaji ba ya son sabon abu, shekara uku ba ƙarin girma."

Duk gaskiya ce. Amma a numfashi ɗaya ta kira maigidanta mai taurin kai, ta kira wurinsa koma-baya. Mai sauraro bai san Alhaji ba, ita yake gani, kuma abin da ya gani mai ɓacin rai ce.

Da muka gyara, ga yadda ta koma: "Na yi shekara uku a wurin, a can na koyi rufe lissafin kullum da bin bashin 'yan kasuwa, kuma har yanzu muna zaman lafiya. Kanti ne ƙarami, aikin lissafinsa ya tsaya a shiga da fita. Yanzu da nake gama difloma ina son in yi aikin tsara albashin ma'aikata da lissafin haraji, kuma na ga su ne kuka rubuta a tallar aikin nan."

Ku lura, dalilin bai canza ba. Ƙarancin ci gaban yana nan, sai dai ta jingina shi da girman kantin, abin da ba laifin kowa ba ne, maimakon halin mai kantin. Ta fara da abin da ta samu, ta ƙare da abin da take nema, kuma ta kira shi da sunansa. Wannan na ƙarshen shi ne inda muke yawan faɗuwa. In ka ce kawai "ina son in ƙaru", an gane hadda ce. Ƙaruwa a me? Amsar tana cikin tallar aikin, ka karanta ta sosai kafin ka je.

Wani mai tambayar ba ya tsayawa nan. Zai ɗan yi murmushi ya ce, "To amma dai akwai abin da ba kya so a wurin?" Kar ki ce babu, ba wanda zai yarda. Ki ambaci tsarin aikin, ki bar mutum: "Da hannu muke lissafi, ni kuma ina son hannuna ya saba da kwamfuta." Sai ki yi shiru. Shirun da yake biyo baya yana da nauyi, a nan ne baki ke zamewa a fara kawo labarin da ba a tambaya ba.

Maganar kuɗi fa? In albashi na cikin dalilanka, ba sai ka musa ba in an tambaya, amma kar ya zo farko. Wanda kuɗi kaɗai ya kawo shi, ana ganin ƙarin dubu goma a wani wurin zai ɗauke shi.

Abin da bai kamata ba shi ne ƙarya. Kar ka ce kwangila ce ta ƙare alhali kana zuwa aiki kowace safiya, kiran waya ɗaya ya isa ya tona. Kuma amsar da ka ba sabon wuri ita za ka maimaita wa maigidanka ranar da za ka ba da notis. Ka duba takardar ɗaukarka aiki ka ga wa'adin da aka rubuta, yawanci wata guda ne ga mai albashin wata. In ba a rubuta ba, Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta sa mako biyu ga wanda ya yi shekara 2 zuwa 5, wata guda ga wanda ya kai 5. 'Yar ajinmu ta ba Alhaji wata guda cur, ta kuma zauna ta koya wa yaron da zai gaje ta yadda ake rufe littafin yamma.