Yadda Ake Jera Hotunan Waya Shekara-Shekara, Wata-Wata, Da Kwanan Watan Da Ke Cikinsu

Duk wanda ya taɓa kai memorinsa shagon kwamfuta a Gwarzo ko Kabo don a kwashe masa hotuna, ya san abin da kan biyo baya. Ana buɗe sabuwar waya sai hoton bikin shekarar 2019 da na Sallar bana su hau layi ɗaya, duk da kwanan watan ranar da aka tura su. Mai waya ya ɗauka cewa tarihin ya ɓace ke nan. Bai ɓace ba. Kowane hoto yana da kwanan wata iri biyu: na waje, wanda waya ko kwamfuta take maƙala wa fayil, da na ciki, wanda kyamara ta rubuta a lokacin da aka danna. Na waje yakan canza idan aka kwafi hoton ko aka tura shi ta Xender ko Bluetooth. Na ciki kuwa yana bin hoton duk inda aka kwafe shi. A ganina duk jerin da ba a gina shi a kan na ciki ba, aikin baban giwa ne.

Wannan rubutun na ciki sunansa Exif, tsarin da masu ƙera kyamara a Japan suka fitar a 1995. Yana ɗauke da sunan wayar, da bayanan kyamara, da wani layi mai suna `DateTimeOriginal`, wato shekara da wata da rana da sa'ar ɗaukar hoton. Tun kafin a taɓa komai mutum zai iya gani da idonsa. A kwamfuta mai Windows, a buɗe foldar hotunan, a zaɓi `Details`, a ƙara layin `Date taken` kusa da `Date modified`. Hoton da aka ɗauka a filin Idi na Gwarzo ranar Ƙaramar Sallah, 10 ga Afrilu 2024, zai nuna wannan rana a layin farko, ko da na biyu yana cewa jiya.

A ce wani tela a Kabo yana da hotuna 3,000 a wayarsa ta Tecno, na ɗinkuna da na iyali a gauraye. Matakin farko, kuma wanda ba a tsallake shi, shi ne ya kwafi foldar `DCIM` gaba ɗaya zuwa kwamfuta, ya zuba foldar hotunan WhatsApp a cikinta tunda daban take zama a waya, sannan ya yi kwafi biyu. Kwafi ɗaya a ajiye shi gefe kada a taɓa, ɗayan a saka shi cikin wata folda mai suna `Aiki`. Dalili kuwa, umarnin da za a bayar ɗauke hotuna yake yi daga mazauninsu, ga kuma wutar lantarki da ba ta sallama kafin ta tafi. Sai a sauko da ExifTool, manhaja ce ta kyauta da Phil Harvey ya fara fitarwa a 2003, kuma ba ta bukatar data bayan an sauko da ita. A canza sunan `exiftool(-k).exe` ya koma `exiftool.exe`, a zuba shi tare da foldar `exiftool_files` cikin `Aiki`. A rubuta `cmd` a layin adireshin foldar, a danna `Enter`, sannan a fara gwada hoto guda:

```
exiftool -DateTimeOriginal DCIM\Camera\IMG_20240410_083015.jpg
```

Idan amsar ta zo da `2024:04:10 08:30:15`, to kwanan watan yana nan daram. Sai a ba da babban umarnin:

```
exiftool -r -ext jpg "-Directory<DateTimeOriginal" -d "Jere/%Y/%m" DCIM
```

Ma'anarsa ba ta da wuya. `-r` na nufin a shiga har ƙananan foldodi, `-ext jpg` kuma a tsaya ga hotuna kawai. `%Y` shekara ce, `%m` wata. Manhajar da kanta take ƙirƙiro foldodin, don haka hoton Ƙaramar Sallah zai faɗa `Jere/2024/04`, na Babbar Sallah ta 16 ga Yuni 2024 kuma ya faɗa `Jere/2024/06`. An sa watanni da lamba ne da gangan, domin in da suna aka rubuta, kwamfuta za ta jera Afrilu da Agusta gaban Janairu. Da ta gama za ta faɗi adadin da ta matsar da adadin da ta bari. Idan hotuna biyu masu suna ɗaya suka nufi folda ɗaya, ba za ta danne na farko ba, sai ta bar na biyun a inda yake ta rubuta `already exists`.

Abin da ya rage a `DCIM` shi ne ya fi cancantar a zauna a duba, domin a nan ne masu suka suke da hujja mai ƙarfi. Za su ce yawancin hotunan mutanenmu ta WhatsApp suka zo, kuma WhatsApp yana goge Exif idan ya matse hoto. Gaskiya ne, irin wannan hoto babu abin da umarnin zai karanta a cikinsa, haka ma galibin hotunan da aka ɗauka na fuskar waya. Sai dai WhatsApp a Android yana barin wata shaida a sunan fayil, kamar `IMG-20240617-WA0012.jpg`. Telan zai iya rubuta `IMG-202406` a akwatin nema, ya kwashe duk abin da ya fito da hannu. Amma wannan ranar isowar hoton ce, ba ranar ɗaukarsa ba. Hoton ɗaurin auren da aka yi a Getso shekara biyar da suka wuce, idan yau aka turo shi, sunan yau zai ɗauka. Saboda haka ya fi kyau a ware musu gida daban, a ce `Jere-WhatsApp`, kada shaida mai rauni ta cakuɗu da mai ƙarfi.

Suka ta biyu ita ce, ai agogon waya ma yana kuskure. Haka ne, Exif abin da agogo ya faɗa yake rubutawa. Tsohuwar wayar da aka cire wa batir takan koma wata tsohuwar rana, sau da yawa 1 ga Janairu. Alamar a bayyane take: za a ga foldar shekarar da ba a ma sayi wayar ba, cike da hotuna a watan `01`. Sai dai ai jerin ne ya tona matsalar, ya tara hotunan wuri guda inda za a iya tantance su da ido. Wayar da aka bar ta tana karɓar lokaci daga layin MTN ko Airtel da wuya ta shiga wannan hali.

Wasu kuma za su ce manhajar hotuna ta waya tana jera su da kanta, to wahalar ta mece ce? Wannan jerin a cikin manhajar yake zaune. Ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko aka kai ta kasuwar Farm Centre a Kano aka yi musaya, ba ya bin memori. Folda mai suna `2024` da `04` a cikinta kuwa kowace waya da kowace kwamfuta tana karanta ta, ba data, ba rajista. Wanda ba shi da kwamfuta ya rubuta umarnin a takarda ya kai wa mai shago, ya tsaya a kansa har ya ga an yi kwafi biyun nan, kuma ya tabbatar an goge hotunan iyalinsa daga kwamfutar shagon kafin ya fita.

Kafin a goge komai daga waya, a haɗa adadin hotunan da ke `Jere` da `Jere-WhatsApp` da waɗanda suka rage a `DCIM`. Dole jimillar ta zo daidai da abin da aka fara da shi, wato 3,000 a misalin telan. Daga yau kuma, hoton da kake so ya riƙe ranarsa, ka ce a turo maka shi ta WhatsApp a matsayin `Document`, domin ta wannan hanya fayil ɗin yana isowa yadda kyamara ta rubuta shi.