DARASI NA TARA: JADAWALIN BITAR MAKO GUDA GA ƊALIBI MA'AIKACI

1.0 Gabatarwa

A wannan darasi za a duba yadda ɗalibin da yake haɗa aiki da karatu zai tsara bitar mako guda kafin jarrabawa. An ɗauki misali daga kwas ɗin maikuro'ikonomiks, wato sashen ilimin tsimi da tanadi wanda yake nazarin yadda mai saye da mai sayarwa da kamfani guda suke yanke shawara, da yadda farashi yake samuwa a kasuwa. Dalilin zaɓen wannan kwas shi ne batutuwansa a sarƙe suke. Wanda bai riƙe na farko ba, na biyu ba zai zauna masa ba. Saboda haka jerin kwanakin jadawalin yana da nauyi daidai da yawan awoyin da aka zuba a ciki.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(i) ƙididdige ainihin lokacin da yake da shi bayan ya fitar da na aiki;
(ii) jera batutuwan kwas bisa yadda wani ya dogara a kan wani;
(iii) gane alamomin da suke nuna bita ba ta shiga ba tun da sauran lokacin gyara.

3.0 Ƙididdige Lokaci

A ƙaddara wani malamin firamare ne yake karatun wucin-gadi. Yana fita aiki da ƙarfe 7:00 na safe, ya dawo gida wajen ƙarfe 2:30 na rana, kuma zai zauna jarrabawa ranar Litinin mai zuwa da safe. Mako yana da awa 168, amma yawancinsu na aiki ne da barci da ibada da hidimar iyali. Idan ya zauna ya yi lissafi na gaskiya, abin da zai samu bai wuce haka ba: minti 45 bayan sallar Asuba da minti 90 bayan Isha'i, daga Litinin zuwa Alhamis, wato awa 9 ke nan. Ranar Juma'a yana da minti 45 da asuba da minti 75 bayan La'asar, awa 2. Asabar awa 4, Lahadi awa 2. Jimla awa 17.

An bar tsakar ranar kwanakin aiki da gangan, domin wanda ya yini tsaye a gaban aji ba ya iya lissafi da ƙarfe 3:00 na rana, sai dai ya yi ta kallon takarda. Haka kuma an bar daren Juma'a babu komai a cikinsa. Wannan shi ne ajiyar jadawalin. Idan baƙi ko ɗaukewar wuta ko rashin lafiyar yaro suka cinye wani dare, a nan za a rama shi. Jadawalin da aka cika shi maƙil, ranar farko da aka samu cikas yake rushewa.

4.0 Jadawalin

Kowace rana tana da zama iri biyu. Zaman dare na batun ranar ne: minti 30 na duba littafin rubutu, minti 60 na warware tambayoyi da zana taswirori. Zaman asuba kuwa na waiwaye ne: a rufe littafi, a sake zana abin da aka yi jiya a kan farar takarda, sannan a buɗe a gwada. Tun a shekarar 1885 masanin nan Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awoyin farko bayan koyo, daga nan take sassautawa. Zaman asuba yana tare abin ne kafin ya zube.

Litinin: da asuba, duba takardun jarrabawar shekarun baya da tsamo batutuwan da suke maimaituwa; da dare, buƙata da samarwa da daidaiton kasuwa.
Talata: miƙuwar buƙata.
Laraba: zaɓin mai saye da layin kasafi.
Alhamis: sarrafawa da kuɗin da ake kashewa a kanta.
Juma'a: kasuwar cikakkiyar gasa.
Asabar: awa 1 a kan kasuwar babakere, awa 2 na jarrabawar gwaji, awa 1 na maki.
Lahadi: gyaran kurakuran da gwajin ya fito da su, sannan a kwanta da wuri.

5.0 Misali Guda Daga Litinin Zuwa Asabar

Hanya mafi sauƙi ga mai ƙarancin lokaci ita ce ya riƙe kasuwa guda ya bi ta da ita har ƙarshen mako. Bari mu ɗauki kasuwar gero, irin ta Dawanau da ke Kano. Alƙaluman da ke tafe na koyarwa ne kawai. Harafin P yana wakiltar farashin buhu a dubban naira, Qd buhunan da masu saye suke nema, Qs kuma waɗanda masu sayarwa suke fitowa da su.

Daren Litinin ɗalibi zai fara da waɗannan:

Qd = 120 − 2P
Qs = 20 + 3P

Kasuwa tana daidaita ne a inda biyun suka zo ɗaya. Ke nan 120 − 2P = 20 + 3P, wanda ya ba da P = 20, buhuna kuma 80. Daga nan sai ya ƙaddara damina ba ta yi kyau ba, samarwa ta koma Qs = 10 + 3P. Sabon farashi zai zama 22, buhuna 76. A nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, su rubuta cewa buƙata ta ragu. Layin buƙata yana nan inda yake. Layin samarwa ne ya gusa zuwa hagu, masu saye kuma suka hau sama a kan layinsu na da. Wanda bai iya bambanta gusawar layi da tafiya a kan layi ba, kada ya wuce zuwa batun Talata.

Ranar Talata sai a yi tambaya a kan waɗannan alƙaluma dai: yaya masu saye suka ji tashin farashin? Farashi ya tashi daga 20 zuwa 22, wato kashi 10 cikin ɗari. Buhuna sun sauka daga 80 zuwa 76, wato kashi 5 cikin ɗari. Idan aka raba 5 da 10 za a sami 0.5, kuma wannan shi ne miƙuwar buƙata. Tun da bai kai 1 ba, buƙatar mai tauri ce, kamar yadda aka saba gani ga abincin yau da kullum. Akwai hanyar tabbatar da amsar. Cinikin farko 20 sau 80 ne, wato 1,600, na biyu kuma 22 sau 76, wato 1,672. Idan buƙata mai tauri ce, tashin farashi yana ƙara jimlar ciniki. Duk ɗalibin da ya sami miƙuwa ƙasa da 1 amma cinikinsa ya ragu bayan farashi ya tashi, to akwai kuskure a lissafinsa.

Laraba ba ta da wuya. Magidanci yana da naira dubu 60, gero dubu 20, wake dubu 30. Ko dai ya sayi gero buhu 3, ko wake buhu 2, ko ya gauraya. Layin da ya haɗa waɗannan iyakoki biyu shi ne layin kasafi, kuma kowane buhun wake yana cin masa buhu ɗaya da rabi na gero.

Alhamis da Juma'a tagwaye ne, shi ya sa aka jera su. A ce manomi yana kashe dubu 100 ya samar da buhu 4, dubu 118 ya samar da 5, dubu 142 ya samar da 6. Kuɗin ƙarin buhu guda, wanda ake rubutawa MC, shi ne 18 ga buhu na biyar, 24 ga na shida. Ranar Juma'a sai a kai wannan manomi kasuwar gasa, inda ba shi da ikon sauya farashi. A farashin 20, buhu na biyar yana kawo masa rarar 2, na shida kuwa yana jawo masa asarar 4, don haka zai tsaya a buhu 5. Kuskuren da aka fi yi shi ne amfani da matsakaicin kuɗin buhu a maimakon kuɗin ƙarin buhu.

Safiyar Asabar sai a ƙaddara ɗan kasuwa guda ne ya yi babakere a kan geron duka. Idan aka juya lissafin buƙata na Litinin za a sami P = 60 − 0.5Q. Cinikin ƙarin buhu guda, wato MR, zai zama 60 − Q, domin sai ya rage farashin dukkan buhunan kafin ya sayar da ƙari. Idan MC ɗinsa 20 ne, zai tsaya a inda MR = MC, wato buhu 40. Farashi kuwa daga layin buƙata ake karanto shi, wanda ya ba da 40. Wanda ya rubuta 20 ya karanta daga layin da ba shi ba. A kwatanta da Litinin: buhuna sun ragu da rabi, farashi ya ninka.

6.0 Alamomin Matsala

Alama ta farko ita ce ɗalibi ya ji ya gane komai muddin littafi yana buɗe, amma da asuba ya kasa sanya wa taswira sunayen layukanta. Maganinsa shi ne rage karantawa da ƙara warware tambayoyi.

Alama ta biyu ta harshe ce. Jarrabawar da Ingilishi za a rubuta ta, saboda haka dole a riƙe kalmomin fannin yadda suke a littafi. Sai dai bayyana batu da Hausa, da baki, ma'auni ne mai kyau na fahimta, in an kula da ma'ana. Alal misali, a Hausar yau da kullum mabuƙaci shi ne wanda ba shi da abin hannu. A wannan fanni kuwa buƙata ita ce son kaya tare da ikon biya a wani farashi. Wanda ya kasa faɗin wannan bambanci, hadda ya yi.

Alama ta uku tana fitowa ne a gwajin Asabar, wanda ake yi da agogo, littafi a rufe. Wajen yin maki a kasa kurakurai gida uku: na rashin sanin batu, na lissafi, da na ƙarewar lokaci. Awa biyun Lahadi na gidan da ya fi cika ne. Ba a buɗe sabon batu a ranar, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuwa an rasa dare biyu a makon, ajiyar Juma'a ta rama ɗaya, sai a taƙaita batun Laraba, saboda shi ne wanda sauran kwanakin ba su dogara da shi sosai ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda aka raba awa 17 bisa jerin batutuwan kwas, aka keɓe asuba ga waiwaye, aka bar dare guda na ramuwa. An kuma ga yadda kasuwa guda ta ɗauki ɗalibi daga daidaiton farashi har zuwa babakere, ta yadda amsar kowace rana ta zama tambayar washegari.

8.0 Auna Fahimta

1. Wata ma'aikaciyar jinya tana aikin dare daga Litinin zuwa Laraba. Tsara mata jadawalin awa 14 ba tare da sauya jerin batutuwan ba.
2. Idan Qd = 90 − 3P, kuma Qs = 10 + 2P, nemo farashin daidaito da yawan kaya.
3. Bayyana da Hausa, cikin jimloli biyar, bambancin gusawar layin buƙata da tafiya a kansa.