Giram Nawa na Furotin Mai Ciwon Ƙoda Zai Ci a Rana?

Duk abincin da ke gina jiki, kamar nama da kifi da ƙwai da wake da nono, yana ɗauke da sinadarin da ake kira furotin. Idan jiki ya gama amfani da shi, sai ya bar datti a cikin jini, babbansa shi ne yuriya, kuma ƙoda ce ke tace shi ta fitar ta fitsari. Ƙodar da ta raunana ba ta iya kwashe wannan datti duka, sai ya taru, mutum ya riƙa jin tashin zuciya da kasala, abinci ya fita masa a rai. Shi ya sa ake auna wa mai ciwon ƙoda furotin, kuma da nauyin jikinsa ake yin awon.

Ƙungiyar masana ƙoda ta duniya, KDIGO, a jagorarta ta 2024, ta ba da shawarar giram 0.8 a kan kowane kilo ɗaya na nauyin jiki a rana. Wannan na baligi ne wanda ciwonsa ya kai mataki na 3 zuwa na 5, wato sakamakon gwajin aikin ƙodarsa na eGFR ya sauka ƙasa da 60, amma ba a fara yi masa wankin ƙoda ba. Ta kuma ja kunne kada a haura giram 1.3. Jagorar KDOQI ta Amurka ta 2020 ta fi tsanani, don ta sauko zuwa tsakanin 0.55 da 0.6 ga marar ciwon suga, sai dai da sharaɗin likita yana sa ido sosai.

To, a ɗauki misalin wani magidanci mai nauyin kilo 60. Sittin sau 0.8 ya ba da giram 48, rabonsa ke nan na yini guda. In likita ya ɗora shi a kan 0.6, rabon ya koma giram 36.

A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe, don suna zaton giram 48 na nama ake nufi. A'a. Dafaffen naman sa mai nauyin giram 100 furotinsa kimanin giram 26 ne, saura ruwa ne da kitse. Sannan tuwo da shinkafa, waɗanda ba wanda ke yi musu kallon abincin gina jiki, su ma suna da nasu kaso, kuma dole a lissafa shi.

Ga yadda yinin magidancin zai kasance. Da safe kofin koko da dafaffen ƙwai ɗaya, kimanin giram 8 ke nan, shida daga ciki na ƙwan ne. Da rana dafaffiyar shinkafa kofi biyu da wake rabin kofi, wajen giram 15. Da dare tuwon masara malmala biyu matsakaita, wajen giram 8, da yankan nama biyu masu jimlar nauyin giram 50, giram 13. Jimla ta kama 44. Ya sha rabin kofin nono, an cike 48, an rufe littafi.

Amma a ce bayan isha'i ya biya wajen mai tsire ya ci na giram 100. Da naman da garin ƙulin da aka barbaɗa, kusan giram 30 ya ƙaru. Lissafinsa ya tashi 78, wato daidai iyakar nan ta 1.3 da aka hana haurawa. Kilishi da busasshen kifi kuwa sun fi haka, tun da an ƙafe musu ruwa.

Shi kansa nauyin sai an lura da wanda aka ɗauka. Idan ƙafafun magidancin sun kumbura har sikeli ya nuna kilo 66, shidan nan ruwa ne, lita shida, don haka da 60 za a yi lissafi. Mai ƙiba sosai shi ma likita kan duba tsawonsa ya fitar da nauyin da ya dace da shi.

Ranar da aka fara wankin ƙoda, lissafi ya juya. Injin yana janye wani abu daga sinadaran gina jiki, sai a ɗaga rabon zuwa tsakanin 1.0 da 1.2, wato giram 60 zuwa 72 ga mutumin nan. Abin takaici, sau da yawa iyali kan ci gaba da hana shi nama bisa tsohuwar doka, har ya rame, damatsansa su zube. Irin wannan rama kan sami wanda ya rage furotin bai cike gurbin da abinci mai ba da ƙarfi ba, don jiki sai ya koma cin tsokarsa. Yara da masu juna biyu da tsofaffi masu rauni ba sa cikin wannan lissafi.

Saboda haka ana roƙon mai ciwon da masu jinyarsa, in an je asibiti, a tambayi likita abu uku: matakin ciwon, nauyin da za a yi lissafi da shi, da adadin da za a ninka. A rubuta su a takarda a miƙa wa mai girki.