Yadda Za Ka Haɗa Tsohuwar PS2 da Talabijin Fulasma Hoto Ya Fito da Kala

Kwanakin baya na zaƙulo PlayStation 2 ɗin yayana daga cikin kwali a gidanmu na Tudun Wada, da niyyar mu tuna zamanin Winning Eleven ni da ƙannena. Na haɗa ta da fulasmar falo, sauti ya fito tangaram, amma hoto baƙi da fari. Wani abokina ya ce ta mutu, in sayar wa masu gyara su cire kaya. Ashe lafiyarta ƙalau. PS2 ta fito ne a shekarar 2000, lokacin talabijin mai ƙeya, don haka sai ka gane irin siginar da take fitarwa kafin sabuwar talabijin ta karɓe ta.

Kafin ka jona wuta

Juya na'urar ka karanta takardar da ke jikinta. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Babbar PS2 da aka yi wa Amurka tana son bolt 120, ta Japan kuma 100. Idan ka jona irin waɗannan kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, za ta ƙone. Lambar ƙarshe ta samfurin tana nuna inda aka yi wa ita: SCPH-39001 ta Amurka ce, mai ƙarewa da 0 ta Japan, 3 ta Birtaniya, 4 ta sauran Turai. Riƙe wannan lambar, za mu dawo kanta.

Waya mai kai uku da mai kai biyar

Wayar da ta zo da PS2 kai uku gare ta: rawaya na hoto, fari da ja na sauti. Ita ake shigarwa inda aka rubuta AV IN. A cikin rawayan nan guda aka cusa haske da kala gaba ɗaya, sai talabijin ta sake raba su. Shi ya sa rubutu yake dishi-dishi, musamman a babban allo.

Ɗayar kuma kai biyar gare ta, za ka ga an rubuta Component a kwalinta. Kore yana ɗaukar haske, shuɗi da ja suna ɗaukar kala, sai wani fari da ja na sauti. Ramukanta a bayan talabijin su ne Y, Pb da Pr. Tun da an raba siginar tun daga tushe, hoton ya fi fita sosai. Ka lura jajaye biyu ne a jikinta. Wanda yake haɗe da fari shi ne na sauti. Idan ka musanya su, ja zai ɓace daga hoton, lasifika ɗaya ta riƙa ƙugi.

Dalilin baƙi da fari

Talabijin ɗinmu ba ta da ramin rawaya shi kaɗai. Rami ɗaya aka yi mata, rabinsa kore rabinsa rawaya, yana aiki biyu. Na sa rawayan a nan, kuma daidai ne. Kuskurena a rimot yake: na zaɓi Component. Talabijin ta ɗauki abin da ke shigowa a matsayin haske kawai, ta jira kala daga shuɗi da ja waɗanda babu komai a cikinsu. Da na danna Source na koma AV, nan take kala ta dawo.

Idan ka zaɓi AV amma har yanzu babu kala, koma kan lambar nan. Najeriya da Turai tsarin PAL suke bi, Amurka da Japan kuma NTSC, kuma kowanne da yadda yake saka kala a cikin wayar rawaya. Shiga saitin hoto ka nemi Colour System ka mayar da shi Auto. Idan talabijin ɗin ba ta da wannan, waya mai kai biyar tana kauce wa matsalar, domin ba ta cusa kala a cikin haske.

Wasu sabbin talabijin kuma ƙaramin rami ɗaya suke da shi irin na iyafis, an rubuta AV IN. Wannan yana buƙatar gajeriyar adafta, kuma jerin wayoyin cikinta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Idan ka sa ka ji ƙugi babu hoto, gwada rawayan PS2 a jan kai ko farin kai na adaftar kafin ka ce ta lalace.

Saitin da ake mantawa

Daga baya na sayo mai kai biyar a kasuwar Sabon Gari. Na haɗa, sai allo ya nuna No Signal. Dalili shi ne PS2 tana iya fitar da sigina iri biyu ta wannan ramin, kuma tamu tana kan RGB. A wasu talabijin hoton kan fito, amma kalarsa a rikice. Gyaran ba wuya. Mayar da waya mai kai uku, kunna ba tare da faifai ba, ka bi nan:

```
System Configuration > Component Video Out > Y Cb/Pb Cr/Pr
```

Idan babu tsohuwar wayar, za ka iya yi a makance. Kunna babu faifai, jira kamar daƙiƙa 20, sannan a fad ka danna ƙasa, X, ƙasa sau uku, X, dama, X. Ka riƙa ɗan dakatawa tsakanin kowace dannawa. A ta Japan, O ake dannawa maimakon X.

Wannan waya tana da iyaka ɗaya. Yawancin gem ɗin PS1 da ake sawa a PS2 suna fitar da hoto na 240p, kuma talabijin da yawa ba sa karɓarsa ta Component. Alamarsa ita ce tambarin farko ya fito, gem na farawa allo ya ɗauke. Ga irin waɗannan, koma wayar rawaya.

Idan HDMI kaɗai gare ka

Waya zalla mai kai uku a gefe guda da HDMI a ɗaya gefen ba za ta yi aiki ba, domin siginar biyu ba iri ɗaya ba ce, dole sai da na'urar da za ta juya ta. Nemi ƙaramin akwati mai rubutun AV2HDMI. Duba da kyau, domin akwai HDMI2AV mai kama da shi sak, shi kuma akasin aikin yake yi. Akwatin yana cin wutar USB, in ba ka jona ba ba zai tashi ba. Akwai kuma PS2 to HDMI da ake maƙalawa a bayan na'urar kai tsaye. Shi siginar Component yake juyawa, don haka sai ka yi saitin da ke sama tukuna.

Gyara biyu na ƙarshe

Idan 'yan wasa sun yi faɗi kamar an danne su, mayar da Aspect Ratio zuwa 4:3. Baƙin da zai fito a gefe biyu ba matsala ba ne, haka aka tsara yawancin gem ɗin. Idan kuma ka danna shot ɗan wasa ya makara, kunna Game Mode, wanda ke kashe gyare-gyaren hoto masu jawo jinkiri.

Shawarata, in talabijin ɗinka tana da Y, Pb, Pr, sayi mai kai biyar, amma ka adana tsohuwar. Kafin ka fita kasuwa, ɗauki hoton bayan talabijin ɗin da wayarka ka nuna wa mai shago, kuma ku yi magana cewa za ka dawo da kaya idan bai yi ba.