Yadda ake mai da rubutun mai lacca takardar rabawa

Takardar da mai lacca ya rubuta wa kansa ba don idon wani aka yi ta ba. Akan tarar da kalmomi a gajarce, da kibiyoyi, da layin da aka soke aka sake rubutawa a gefe. Saboda haka mai bugawa yakan fara da sa wa shafukan lamba, ya karanta su duka kafin ya taɓa kwamfuta, yana yi wa maganganu iri biyu alama daban: ta mai laccar, da wadda ya ɗauko daga bakin wani ko littafin wani. Ta farko ana iya gyara ta, a cike jimlolinta. Ta biyu kuwa amana ce, ko wasali ɗaya ba a sauyawa.

A ɗauki misalin malamin da ya kawo shafi huɗu a kan zakka. Idan aka bi kibiyoyinsa, za a ga bayanin ya kasu uku: nisabi, abin da ake fitarwa, da waɗanda ake bai wa. Waɗannan su ne kanun takardar. A manhajar Word ana sa wa sunan laccar salon Title, kanun kuma Heading 1, domin girmansu ya zo ɗaya. Inda malam ya rubuta "1/40" kawai, sai a mai da shi cikakkiyar jimla, cewa ana fitar da kashi ɗaya cikin arba'in.

A kai na uku ne aikin yake da nauyi. Malam ya rubuto aya ta 60 ta Suratut Tauba da ka, wadda ta lissafa mutum iri takwas. Ba daga rubutun hannunsa za a kwafe ta ba, daga Alƙur'ani za a ɗauko, bayan an tambaye shi ruwayar da ya bi, Warshu ko Hafsu, domin sukan bambanta a wasu kalmomi. Haka fassarar: a nemo littafin da ya ɗauko ta, a rubuta sunansa da shafi. Gajeren nassi yana shiga cikin alamar zance, dogo kuma a ware shi a matso da shi ciki. Wurin da malam ya tsallake kalmomi a sa ɗigo uku, abin da ya ƙara na bayani a sa shi cikin baka mai kusurwa. Kalmar da ba ta karantu ba, a koma wurinsa, kada a yi ƙiyasi.

Kwamfuta ma takan yi ɓarna a ɓoye. Sai an kashe AutoCorrect, in ba haka ba ta sauya kalmomin Hausa, kuma salon haruffan da ba shi da ɓ, ɗ, ƙ yana iya fito da akwatuna a madadinsu. Daga ƙarshe mutum biyu su zauna, ɗaya yana karanta asali da ƙarfi, ɗaya yana bin bugun da yatsa. A adana takardar a PDF, a buga kwafi ɗaya a A4, kuma ba a kai wa mai fotokwafi sai malam ya duba ya amince.