Hannun Jari da Dalilin Motsin Farashinsa

Idan kamfani yana bukatar kuɗin da suka fi ƙarfin waɗanda suka kafa shi, yakan raba mallakarsa zuwa ƙananan kashi masu yawa waɗanda duk darajarsu ɗaya ce, ya sayar wa jama'a, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan kashi shi ake kira hannun jari. Wanda ya sayi hannun jari ba bashi ya ba kamfanin ba, domin babu ranar da aka yi alkawarin mayar masa da kuɗinsa. Ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin ne, gwargwadon yawan abin da ya saya.

A ɗauka akwai kamfanin sarrafa shinkafa wanda aka raba mallakarsa zuwa hannun jari miliyan 10, kuma ana sayar da kowane ɗaya a kan naira 20, wato darajar kamfanin gaba ɗaya a kasuwa ta kama naira miliyan 200. Mutumin da ya sayi hannun jari 10,000 ya biya naira 200,000, ban da ladan dillali, kuma ya mallaki kashi ɗaya cikin dubu na kamfanin. Wannan mallaka ta bambanta da ta watanda, inda jama'a ke haɗa kuɗi su sayi saniya, a yanka, kowa ya ɗauki kasonsa na nama ya tafi gida. Mai hannun jari ba shi da ikon shiga masana'anta ya ɗauki buhun shinkafa ko injin casa da sunan kasonsa, saboda a wajen doka kadarorin na kamfanin ne. Abin da ya mallaka shi ne haƙƙin jefa ƙuri'a a babban taron shekara-shekara, inda ake zaɓen daraktoci kuma ake lissafa ƙuri'un mutum da yawan hannun jarinsa, da haƙƙin samun kaso a cikin ribar da aka amince a raba, da kuma haƙƙin sayar da hannun jarinsa ga wanda ya ga dama.

Idan kamfanin ya ci ribar naira miliyan 50 a shekara bayan an cire haraji, kowane hannun jari ya samar da naira 5 ke nan, amma ba lallai ne a raba su duka ba. Daraktoci suna iya ba da shawarar a raba naira miliyan 20, wato naira 2 ga kowane hannun jari, a bar miliyan 30 a cikin kamfanin domin sayen sababbin injina. Rabon mai hannun jari 10,000 ya zama naira 20,000, kuma bayan an cire harajin kashi 10 cikin ɗari da ake cirewa a Nijeriya daga irin wannan rabo, naira 18,000 ce za ta shiga asusunsa na banki. A shekarar da aka yi asara kuwa yana iya tashi ba ko sisi. Idan kamfanin ya durƙushe aka sayar da kadarorinsa, sai an biya masu bin sa bashi kafin masu hannun jari su karɓi abin da ya rage, wanda sau da yawa babu shi. Sai dai doka ta kare su ta gefe ɗaya, domin ba za a bi su gida a karɓi gona ko dabbobinsu don biyan bashin kamfanin ba.

Wurin da ake wannan ciniki a Nijeriya shi ne kasuwar hannayen jari da aka kafa a Legas a 1960, ta fara aiki a 1961, wadda tun daga 2021 ake kira NGX, kuma a can ne ake sayar da hannayen jarin kamfanoni irin su Simintin Dangote da MTN. A Nijar kuwa ana bi ne ta kasuwar BRVM da ke Abidjan, wadda ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa suka yi tarayya a cikinta. Mutum ba ya shiga kasuwar da kansa, sai ta hannun dillali mai rajista da hukumar da ke kula da harkar, kuma abin da ya kamata a lura da shi shi ne, kuɗin cinikin yau da kullum ba sa shiga aljihun kamfanin, daga hannun mai saye suke tafiya zuwa hannun wanda ya sayar.

Babu wani ofishi da ke yanka farashi kowace safiya. Masu son saye suna turo tayinsu, masu son sayarwa suna faɗin kuɗin da za su sallama, na'urar kasuwa kuma tana haɗa su duk lokacin da tayi ya yi daidai da sallamawa. A ce wani ya ajiye hannun jari 3,000 a kan naira 20, wani kuma ya ajiye 4,000 a kan naira 20 da kwabo 50, sai ga mai saye yana neman 5,000 cikin gaggawa. Zai kwashe 3,000 na farko, ya cika sauran 2,000 daga na biyu, kuma da wannan ciniki farashin ya tashi zuwa naira 20 da kwabo 50. A lissafi dukiyar mai hannun jari 10,000 ta ƙaru da naira 5,000, alhali ko buhu ɗaya bai ƙaru a rumbun kamfanin ba.

Abin da ke sa mutane su ƙara tayi ko su rage shi ne tsammaninsu game da ribar da ke gaba, domin ita suke saye, kuma tsammani yana canzawa duk ranar da sabon labari ya iso. Idan ambaliya ta ci gonakin shinkafa har samfarera ta yi tsada, masu lura za su yi ƙiyasin cewa ribar kamfanin za ta sauka zuwa naira miliyan 30, wato naira 3 ga kowane hannun jari. Mutumin da a da ya yarda ya biya naira 20 domin ribar naira 5, wato ninki huɗu, yanzu naira 12 kawai zai taya, kuma zai yi haka tun kafin kamfanin ya fitar da rahotonsa na wata uku-uku. Shi ya sa wani lokaci kamfani kan sanar da riba mai kyau amma farashinsa ya faɗi, saboda ribar ba ta kai abin da aka sa rai ba. Haka kuma idan Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga kuɗin ruwa, har takardun bashin gwamnati suka riƙa biyan fiye da kashi 10 cikin ɗari da rabon naira 2 ke bayarwa a kan naira 20, manyan masu zuba jari sukan sayar da hannayen jari su koma can, farashi ya sauka ba tare da kamfanin ya yi laifin komai ba.

Akwai kuma saukar da ba ta nuna wata matsala. Idan ranar rufe rajistar masu cin rabon riba ta wuce, kasuwa takan rage naira 2 ɗin daga farashin ya koma naira 18, tun da wanda ya saya bayan wannan rana ba zai sami rabon ba.

Kasuwar NGX ta ƙayyade cewa farashin hannun jari ba zai hau ko ya sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana ɗaya ba, don haka faɗuwa daga naira 20 zuwa 12 takan ɗauki kwanaki: 18 a rana ta farko, 16 da kwabo 20 a ta biyu, haka har ta kai. Wannan ƙa'ida tana rage gudun faɗuwa, amma ba ta samar da mai saye. Idan aka ga farashi yana sauka da cikakken kashi 10 kowace rana, masu sayarwa sun yi layi kuma babu mai tayi, to kuɗin da aka rubuta a allo ba shi ne abin da mutum zai iya karɓa ba. Irin wannan ya faru a 2008, lokacin da kasuwar ta fara faɗuwa daga watan Maris har ta rasa fiye da rabin darajarta cikin shekara guda, kuma waɗanda suka fi shan wahala su ne waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannayen jari, domin darajar abin da suka saya ta zube, bashin da ke kansu kuwa bai ragu da ko kwabo ba.