Bizar Umara da Alƙawarin Aiki a Saudiyya: Nazari Daga Gaya da Ajingi

Cin rani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Gaya da Ajingi, inda matasa kan bar gida bayan kaka su nemi abin yi a birane. A kan wannan al'ada 'yan damfara suke ɗora tarkonsu, musamman idan aka ambaci Saudiyya, ƙasar da Bahaushe ba ya saurin yi wa mummunan zato.

A ɗauki misalin matashin da wani dillali ya yi wa tayin aikin tuƙi a Jidda. Da farko za a karɓi kuɗin fom, abin da bai taka kara ya karya ba. Bayan mako biyu sai kuɗin gwajin lafiya, sannan kuɗin biza, wanda sau da yawa sai an sayar da sa ko an jinginar da gona kafin ya haɗu. Ana rarraba biyan ne da gangan, domin wanda ya riga ya zuba rabi ba ya son ja da baya. Kuɗin kuma asusun mutum ɗaya suke shiga, babu rasit mai sunan kamfani.

Dillalin kan nuna takardar rajistar CAC don kwantar da hankali. Wannan takarda shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuwa ƙasar waje samun lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma lasisin shi ne abin da ya kamata a nema, a je ofishin ma'aikatar a tabbatar da shi.

Batun kuɗin ma yana da hukunci. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2023, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanin samar da aiki ba zai caji ma'aikaci ba. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ita ma ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama a kan mai ba da aikin.

Mafi wuyar ganewa shi ne lokacin da biza ta fito da gaske. Iyali su yi murna, alhali bizar umara ce ko ta ziyara, kuma babu wadda ta halatta aiki a cikinsu. Wa'adinta na ƙarewa matashin ya zama mai zaman ɓoye, yana gudun 'yan sanda, ga bashi a gida. Nau'in biza a rubuce yake a jikinta, mai karatun Larabci ko Turanci zai gane shi nan take. Bizar aiki tana ɗauke da sunan mai ɗaukar aikin da sana'ar, kuma kwantiragi ne ke gabatarta. Idan an riga an biya, shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin waya su ne hujjar da za a kai wa EFCC ko NAPTIP a Kano.